Yadda Ake Amfani da Shafin Warware Matsala a Littafin Sabon Injin Wanki

Duk injin wanki yana zuwa da ɗan littafi a cikin kwali ko a cikin gangar injin, kuma kusa da ƙarshen littafin akwai shafi biyu zuwa huɗu da aka keɓe don matsaloli. A littattafan Turanci za ka ga an rubuta `Troubleshooting` a samansa, wasu kuma `Before calling for service`. Wannan bayani yana kan injin da ake zuba wa kaya ta gaba, mai ƙofar gilashi, amma tsarin karatun ɗaya ne da na mai murfi a sama.

Abu guda ya kamata ka riƙe tun farko. Injin ba ya gaya maka abin da ya lalace, abin da ya lura da shi kawai yake faɗa. Idan ya nuna alamar ruwa bai fita ba, abin da ya sani shi ne ya kunna famfonsa mai tura ruwa waje na 'yan mintoci amma ruwan bai ragu ba. Bai san ko tiyo ne ya lanƙwashe, ko safa ce ta toshe matatar da ke tare datti kafin ruwa ya shiga famfon, ko famfon ne ya mutu ba. Aikin shafin warware matsala shi ne ya ɗauke ka daga alamar zuwa ainihin dalilin, ɗaya bayan ɗaya, yana farawa da abin da ya fi sauƙi. A sabon inji kuwa, galibin matsalolin makon farko daga wajen haɗawa suke fitowa, ba daga cikin injin ba.

Kayan da za ka tanada

- Littafin injin, da rasit, da katin garanti
- Tocila
- Faranti mai faɗi marar zurfi, wanda zai shiga ƙarƙashin bakin matata, da bokiti mai cin lita 10
- Tsofaffin tawul biyu ko uku
- Filaya, da tsohon burushin haƙori
- Sifanar da ta zo da injin
- Ma'aunin lebur irin na magina
- Biro da takarda, ko wayar da za ka ɗauki hoto

Ba a sa sukudireba a jerin nan ba, kuma da gangan ne. Babu wani mataki a shafin warware matsala da zai ce ka kwance murfin sama ko na baya. Idan ka ga hannunka ya kai ga sukudireba, to ka wuce iyakar abin da littafin ya ba ka izini.

Idan littafin ya ɓace, nemi lambar samfurin injin a sitikar da ke bakin ƙofa ta ciki ko a bayan injin, ka shigar da ita a shafin kamfanin na intanet, za ka samu littafin ka sauke. In babu ma'aunin lebur, kofin gilashi da ruwa rabi zai nuna maka inda injin ya karkata. In babu faranti marar zurfi, yanke gefen tsohuwar jarkar roba.

1. Tabbatar littafin na injinka ne

Kamfanoni kan buga littafi ɗaya don samfura biyar ko fiye. Kwatanta lambar da ke kan sitika da jerin lambobin da ke bangon littafin, harafi da harafi. Inda ka ga alamar tauraro a gefen wani bayani, duba ƙasan shafin, domin sau da yawa ma'anarta ita ce abin yana wasu samfura ne kawai. Mutum zai iya ɓata rabin sa'a yana neman maɓallin da injinsa ba shi da shi.

Rubuta lambar samfuri da lambar siriyal a bangon littafin yanzu. Ranar da za ka buƙace su, wataƙila injin na cike da ruwa kuma ba ya janyuwa.

2. Gane yadda aka raba shafin

Yawanci kashi uku ne. Na farko jerin abubuwan da ba matsala ba ne. Na biyu tebur ne na alamomin da kake gani ko ji da kanka: ba ya kunnuwa, yana girgiza, yana yoyo, kaya sun fito jiƙe. Na uku tebur ne na lambobin da allon injin ke nunawa. Tebura biyun suna da layi uku a tsaye, na hagu alama, na tsakiya abin da ka iya jawo ta, na dama abin da za ka yi.

Fara da kashi na farko, ko da kana ganin ɓata lokaci ne. A nan za ka ga cewa ɗan ruwan da ka tarar a gangar sabon inji ragowar gwajin masana'anta ne. Ƙofa takan ƙi buɗewa na minti ɗaya zuwa uku bayan an gama wanki, wannan kulle ne na kariya. Lokacin da allo ke nunawa yana iya tsalle daga minti 20 ya koma 35, saboda injin yana sake lissafi gwargwadon nauyin kaya, sanyin ruwa da yawan kumfa. Kuma in ka leƙa ta gilashi ba ka ga ruwa ya taso ba, haka irin wannan injin yake, ruwa kaɗan yake ci, kayan ne ke faɗawa cikinsa suna tashi.

3. Rubuta abin da ya faru kafin ka taɓa komai

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zare fulogi da zarar inji ya yi ƙara. Da ka zare, lambar ta ɓace, kuma ita ce mabuɗin teburin. Ɗauki hoton allon tukuna. Sannan ka amsa tambaya uku a takarda: wane tsarin wanki ka zaɓa, a wane mataki ya tsaya, kuma akwai ruwa a ganga ko babu.

Matakin da ya tsaya yana rage maka rabin aiki. Injin yana bin jeri ɗaya kullum: ya kulle ƙofa, ya ja ruwa, ya wanke, ya zubar, ya ɗauraye, ya matse. Idan ya tsaya a mintocin farko ganga a bushe, maganar ƙofa ce ko shigar ruwa. Idan ya tsaya a tsakiya ganga cike, maganar fitar ruwa ce. Idan kuma ya kai ƙarshe yana ta jujjuya kaya a hankali ya ƙi ɗaukar gudu, maganar daidaiton kaya ce.

4. Karanta lambar da kyau

Allon injin yana rubuta haruffa da 'yan sanduna bakwai ne, don haka wasu suna kama da juna. `5` da `S` iri ɗaya suke fitowa, haka `0` da `O`, haka `1` da `I`. Idan ka nemi lamba a tebur ba ka gan ta ba, sauya harafin da lambar da ta yi kama da shi ka sake dubawa.

Kowane kamfani da nasa lambobin, shi ya sa ba a aron ma'ana daga injin wani. Ga misalin kamfani biyu don ka ga bambancin:

```
             LG     Samsung
shigar ruwa  IE     4C / 4E
fitar ruwa   OE     5C / 5E
daidaito     UE     Ub / UE
ƙofa         dE     dC / dE
```

Wasu rubutun ma ba matsala suke nunawa ba. `CL` a injinan LG kullen yara ne: maɓallai sun daina amsawa saboda an kulle su, kuma ana buɗewa ne ta danne maɓallin da ke da hoton kwado na daƙiƙa uku, ko maɓallai biyu tare, yadda littafinka ya nuna. `Sud` ko `5d` a injinan Samsung kumfa ce ta yi yawa, injin ya dakata yana jira ta kwanta, zai ci gaba da kansa. Maganinta rage sabulu a wanki na gaba, da amfani da sabulun da aka yi don inji, ba na wankin hannu ba.

Injin da ba shi da allo yana magana ne da fitilu. Ƙirga sau nawa fitilar ke ƙiftawa kafin ta ɗan huta, ka lura da wacce fitila ce, teburin zai fassara maka.

5. Bi dalilan a jere, ɗaya bayan ɗaya

Ba a jera dalilan da ke layin tsakiya da ka ba. Mafi yawan littattafai suna farawa da abin da ya fi faruwa kuma ya fi sauƙin dubawa. Duba na farko da idonka da hannunka, kada ka ce ai ka sani. Idan ka canza wani abu, gwada injin kafin ka wuce na gaba. In ka gyara abu huɗu lokaci guda injin ya tashi, ba ka san wanne ne ya yi aiki ba, kuma ranar da matsalar ta dawo za ka koma farko.

Ba sai ka yi cikakken wanki don gwaji ba. Tsarin `Rinse+Spin`, wato ɗauraya da matsa, yana gwada shigar ruwa, fitarsa da matsa cikin ɗan lokaci. `Spin` ko `Drain` yana gwada fitar ruwa kaɗai.

Game da kashewa da kunnawa: littafin zai ce ka zare fulogi na 'yan mintoci ka mayar. Yana da amfani idan wuta ce ta ɗauke ta dawo ta rikita ƙwaƙwalwar injin. Amma goge lamba kawai yake yi. Idan lambar ta dawo a daidai matakin da ta fito da farko, matsalar tana nan, kada ka maimaita sau biyar kana sa rai.

6. Misali daga farko zuwa ƙarshe: ruwa ya ƙi fita

A ce injin kwana uku da haɗawa. An zuba kayan yara, ya yi wanki kamar minti 40, sai ya tsaya, allo ya nuna `OE` ko `5C`, ruwa a kwance ƙasan gilashi, ƙofa a kulle. Ka ɗauki hoto, ka buɗe teburin. A layin tsakiya za ka ga kusan abu uku: tiyon fitar ruwa ya lanƙwashe ko ya toshe, an ɗaga shi fiye da kima, matatar famfo ta toshe.

Kada ka ja ƙofar da ƙarfi. Tana kulle ne saboda injin ya san akwai ruwa, kuma hannun ƙofa roba ne, yana karyewa.

Fara da kunne. Zaɓi `Drain` ko `Spin`, ka danna `Start/Pause`, ka durƙusa kusa da ƙasan injin. Idan ka ji famfo yana gurnani amma ruwa bai motsa ba, hanya ce a toshe. Idan ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, wani abu mai tauri ne ke bugun farfelar famfon. Idan shiru ka ji gaba ɗaya, ajiye wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Yanzu kashe injin, zare fulogi, ka haska bayansa da tocila. Bi tiyo mai kauri, mai zobe-zobe, daga jikin injin har inda ya ƙare. Wurin da aka fi samun lanƙwasa shi ne tsakanin inji da bango, lokacin da aka tura injin baya bayan an gama haɗawa. Sai tsayi: yawancin littattafai suna son bakin tiyon ya kasance tsakanin santimita 60 da 100 daga ƙasa, amma duba adadin da naka ya bayar a babin haɗawa. In ya wuce haka, ɗan famfon ba shi da ƙarfin tura ruwa sama. In ya yi ƙasa sosai, akasin haka ke faruwa, ruwa na shiga yana zurarewa, injin ya yi ta ja bai cika ba, har ya nuna alamar shigar ruwa alhali laifin na tiyon fita ne. Kada kuma a cusa tiyon cikin bututun bango fiye da kamar santimita 15, kuma kada a naɗe bakin da tef har iska ta kasa shiga.

Akwai wani dalili da ya keɓanta da sabon haɗi, wanda teburin kan ambata a layi ɗaya ko ya yi shiru a kai. Idan an haɗa tiyon da bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ɗan bakin da ake sa tiyon yakan zo a toshe da marufin roba daga masana'anta. In mai haɗawa bai cire ko ya yanke shi ba, ruwa ba shi da hanya. Alamarsa ita ce injin bai taɓa zubar da ruwa ba ko sau ɗaya tun da aka kawo shi. Gwajin mai sauƙi ne: zare tiyon daga can, riƙe bakinsa a kan bokiti, mayar da fulogi da busasshen hannu, ka zaɓi `Drain`. Idan ruwa ya fito da ƙarfi, injinka lafiya lau, matsalar tana bututun gida. Ka shirya danna `Start/Pause` kafin bokitin ya cika.

A misalinmu injin ya yi wanki biyu lafiya kafin yau, tiyo a miƙe, tsayinsa santimita 80, kuma a bokiti ma ɗigo kawai yake yi. Saura matata.

Teburin zai ce ka tsaftace matatar famfo, ya tura ka wani shafi a babin kulawa. Je can ka dubi hoton, domin a nan ne ake jiƙa ɗaki. Idan wankin ruwan zafi ne, jira kamar sa'a guda ya huce. Fulogi a zare. A ƙasan injin ta gaba akwai ɗan murfi, buɗe shi da yatsa ko da bakin cokali. Za ka ga babban marufi zagayayye, a yawancin injina kuma da ɗan siririn tiyo mai toshi a gefensa.

Kada ka fara da babban marufin. Ruwan da ke ganga yana iya kai lita 10 ko fiye, kuma da ka kwance shi duka zai biyo. Shimfiɗa tawul, jawo siririn tiyon, sa bakinsa a faranti, cire toshin. In farantin ya cika, mayar da toshi, juye a bokiti, ka sake. Zai ɗauki lokaci, ka yi haƙuri da shi har ruwan ya tsaya. Idan injinka ba shi da siririn tiyo, juya babban marufin hagu kaɗan kawai, kamar kwata, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin faranti, ka ɗaure in ya cika. Wata hanyar kuma ita ce ka sauke babban tiyon baya ƙasa cikin faranti, ruwan zai gangaro da kansa muddin ba a cikin tiyon toshewar take ba.

Da ruwa ya ƙare, juya marufin hagu har ya fito. Jikinsa ne matatar. A misalin nan, safar jariri ce ta naɗe a jiki tare da sulalla guda. Ƙananan kaya irin wannan suna bi ta tsakanin robar ƙofa da ganga, shi ya sa wanki ɗaya ya isa ya toshe matatar sabon inji. Wanke ta da burushi, sannan ka haska ramin. A can ciki akwai 'yar farfela. Taɓa ta da yatsa ko da gindin biro, ya kamata ta juya tana ɗan tsalle-tsalle, wannan tsallen na maganaɗisun motar da ke juya farfelar ne, ba lalacewa ba. In ta cije, nemi zare, gashi ko fil da ya naɗe ta.

Goge bakin ramin da zoben robar da ke jikin marufin, domin ƙwayar yashi ɗaya a nan tana sa yoyo. Mayar da marufin a miƙe, juya dama har ya tsaya, da hannu kawai ba da filaya ba. Toshe siririn tiyon ka maƙale shi a wurinsa. Sa fulogi, ƙofa za ta buɗe, kwashe kayan, ka yi `Rinse+Spin` ganga babu komai, idonka a kan marufin. Idan ya zubar da ruwa ya matse ba ɗigo, an gama.

Idan kuwa tiyo lafiya, matata fes, farfela na juyawa, amma famfo shiru ko lambar ta dawo, ka kai layin ƙarshe na teburin, wanda ke cewa a kira masu gyara. Tsaya a nan.

7. Sauran matsala uku na makon farko

*Girgiza da tafiya.* Idan sabon inji yana tsalle lokacin matsa har yana barin wurinsa, duba bayansa kafin komai. Akwai manyan notuna uku ko huɗu, a wasu injinan fiye, da aka ɗaure ganga da su don kada ta yi lilo a hanya. Dole a cire su kafin wankin farko. Kwance su da sifanar da ta zo da injin, zare su tare da robobinsu, toshe ramukan da marufan da ke cikin leda. Adana notunan, za ka buƙace su ranar da za a ɗauki injin zuwa wani wuri. Aiki da su a ɗaure yana lalata injin, kuma irin wannan lalacewar garanti ba ya ɗauka. Duba ƙarƙashi ma, wani lokaci ana barin farin soson kwali a manne.

Bayan haka sai ƙafafu. Danna kusurwar hagu ta gaba da ta dama ta baya, sannan ɗaya ɓangaren. In ya yi rawa, ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa. Juya ta har ta taka, duba da ma'aunin lebur, sannan ka ɗaure notin da ke saman ƙafar ya manne da jikin injin. Wannan notin ake mantawa da shi, sai bayan mako biyu girgizar ta dawo. Kada ka cusa kwali ko katako a ƙarƙashi.

*Ya ƙi matsewa.* `UE` ko `Ub` ba lalacewa ba ce. Kaya sun dunƙule a gefe ɗaya, injin ya ƙi ɗaukar gudu don kada ganga ta bugi jikinsa. Abin mamaki, ƙarancin kaya ya fi jawo ta: bargo ɗaya, ko babban tawul guda da ya sha ruwa. Buɗe, warware kayan, ƙara tawul ɗaya ko biyu, ka sake `Spin`. Kilo da aka rubuta a jikin inji na busassun kaya ne, kuma na tsarin auduga ne, sauran tsare-tsaren suna ɗaukar ƙasa da haka. In tafin hannunka a tsaye ba ya shiga tsakanin kaya da saman ganga, sun yi yawa.

*Ruwa ya ƙi shiga.* Teburin zai fara da famfon bango, ko a buɗe yake har ƙarshe, sai lanƙwasar tiyo, sai 'yar rariya, sai ƙarfin ruwa. Rariyar tana daidai inda tiyon shiga ya haɗu da bayan injin. Rufe famfo, kwance tiyon, jawo ta a hankali da filaya, wanke da burushi, ka mayar. Sabon bututu yakan turo yashi da guntun tef a kwanakin farko. Kada ka yi aiki ba tare da ita ba, domin yashin zai shiga bawul ya hana shi rufewa, ruwa ya riƙa ɗiga cikin ganga ko injin a kashe.

Ƙarfin ruwa ne mutane ke tsallakewa saboda an rubuta shi da `bar`, `kPa` ko `MPa`. Lissafin ba wuya:

```
1 bar = 100 kPa = 0.1 MPa
```

Tsayin ruwa na mita 10 yana ba da kusan `1 bar`. Injina da yawa suna son aƙalla `0.5 bar`, wasu `1 bar`, adadin yana shafin bayanan fasaha. Ke nan idan ruwanka daga tanki yake gangarowa, kuma ruwan tankin mita biyu kawai ya fi injin tsayi, kana da kusan `0.2 bar`, bai kai ba. Injin zai ja ruwa a hankali har lokacin da aka ƙayyade masa ya ƙare, ya nuna `IE` ko `4C`. In babu ma'auni, cire tiyon daga injin, sa a bokiti mai lita 10, buɗe famfo duka ka duba agogo. Wasu littattafan suna neman bokitin ya cika cikin minti ɗaya. In yana cin minti uku ko huɗu, babu abin da mai gyaran inji zai yi maka, sai a ɗaga tanki ko a sa ƙaramin famfon ƙara ƙarfi.

8. Inda ake tsayawa nan take

Akwai alamomin da ba a bin tebur a kansu. Idan ka ji ƙaurin waya, ko ka ga hayaƙi, ko fulogi ya yi zafi har ya canza launi, ko jikin injin ya ja ka, ko fis ya yanke da zarar ka kunna, kashe wuta daga akwatin fis idan ƙasa a jiƙe take, zare fulogi, rufe famfo, kada ka sake gwadawa. Injin da ke dumama ruwa yana jan wajen wat 2000, shi ya sa littafin ke hana amfani da wayar ƙari mai soket da yawa, yake kuma neman soket mai wayar ƙasa. Jan da inji ke yi wa hannu yakan nuna wayar ƙasan ba ta aiki, wannan kuma aikin mai gyaran wuta ne.

Haka lambobin da suka shafi hita, mota ko na'urar auna ruwa, irin su `tE` da `PE` a injinan LG. A gabansu teburin ba ya ba ka aikin yi sai zare fulogi da kiran wurin gyara. Kada ka ba wani ya buɗe injin da ke cikin garanti in ba wanda kamfanin ya amince da shi ba, domin takardar garanti takan faɗi ƙarara cewa hakan yana soke shi.

9. Abin da za ka faɗa idan ka kira

Lambar wayar wurin gyara tana katin garanti ko bangon baya na littafin. Kafin ka kira, karanta jerin abubuwan da garanti bai ƙunsa ba. Yawanci akwai toshewar matata da abin aljihu, kuskuren haɗawa, da ƙarancin ƙarfin ruwa, kuma idan aka turo mutum ya tarar ɗaya daga cikinsu ne, ana iya cajin ka kuɗin zuwa ko da injin sabo ne.

Ka riƙe takardarka a hannu, ka ba su lambar samfuri, lambar siriyal da ranar saye. Sannan ka faɗi abin da ya faru a jere. Maimakon ka ce injin ba ya aiki, ka ce: ya nuna `OE` bayan minti 40 a tsarin auduga, tiyon fita a miƙe yake a santimita 80, an gwada shi a bokiti, an wanke matata, farfela tana juyawa, amma in aka zaɓi `Drain` famfo ba ya ƙara ko kaɗan. Da wannan bayanin mai gyara zai san ya taho da sabon famfo tun zuwan farko. Karɓi lambar ƙorafin da za su ba ka ka rubuta a bangon littafin tare da kwanan wata. Kafin ya iso, zubar da ragowar ruwan ta siririn tiyo, kwashe kayan, rufe famfon bango, ka bar ƙofar injin a ɗan buɗe don kada ganga ta yi wari.